KAFIN KA TAMBAYI ALMAJIRI, KA SAN ƘOFAR DA ZA KA SHIGA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, a 'yan shekarun nan matasanmu na Rano da Kibiya sun ƙara himma wajen kula da almajirai. Kwamitin masallaci zai tara kuɗi, ƙungiyar unguwa za ta sayo barguna in sanyi ya shigo, wani kuma ya ɗauki waya ya nufi tsangaya. Niyya mai kyau ce, Allah ya saka. Sai dai sau da yawa bargo ake kaiwa inda ciwon ƙazuwa ne, ko a kai buhun shinkafa inda yaro ke fitsarin jini shekara guda ba wanda ya sani. Taimako ba ya faɗawa inda ya dace sai an san halin da yaro yake ciki. Shi kuma yaro ba ya bayyana halinsa ga wanda bai yarda da shi ba. Darasinmu na yau ke nan: yadda ake gano halin yaro, da yadda ake samun amincewarsa, domin abu biyun nan tare suke tafiya.

WANE YARO NE A GABANKA?

Mu kan kira duk yaron da muka gani da roba a hannu almajiri. Wannan gaggawa ce. Yaran da kake gani a tasha da bakin kasuwa iri 3 ne, kuma kowanne da hanyar da ake bi masa.

Na farko shi ne almajiri na haƙiƙa. Iyayensa ne suka damƙa shi ga malam, yana da allo, yana da makwanci ko da a zaure ne, kuma in bai dawo ba za a lura. Na biyu ɗan gari ne, yana yini a titi yana dako ko talla ko wankin babur, da dare ya koma gidansu. Na uku shi ne wanda igiyarsa ta tsinke. Ya gudo daga makaranta ko daga gida, yana kwana a rumfar kasuwa ko cikin tsohuwar mota, ba mai nemansa. Wannan na ukun shi ya fi kowa shiga hatsari, kuma shi ne zai fi saurin ce maka shi almajirin malam wane ne, domin ya san sunan almajiri yana sa a tausaya masa a kuma ƙyale shi.

Ba ka rarrabe su da tambayar "kai almajiri ne?" Da tambaya biyu ake rarrabewa, su ma ba a ranar farko ba: ina ka kwana jiya, kuma in ba ka koma yau ba wa zai neme ka? Za ka iya ƙarawa da tambayar inda yake a karatu. Mai allo zai gaya maka surarsa nan take, har ya ɗan ja maka. Wanda ya daɗe da barin allo zai yi ta lalube.

TA WURIN MALAM AKE SHIGA

Yaron da ke tsangaya amana ne a hannun malaminsa. Uba ne ya kawo shi. Saboda haka kai baƙo ne, ko da kuwa limamin Juma'a ne kai. Wanda ya tsallake malam ya ja yaro gefe yana masa tambayoyi ya jawo wa yaron fitina: bayan tafiyarka shi za a tsare a ce me ka gaya masa. Gobe in ka dawo ba zai yarda ko ido ku haɗa ba.

Kuma ka sani malaman allo suna da dalilin ɗari-ɗari da baƙo mai biro da takarda. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wata makarantar mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane kusan 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Abin da aka gani a can zalunci ne, ba mai kare shi. Amma bayansa sai aka riƙa yi wa kowace makarantar allo kallon tuhuma. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Kano ta sanar da hana barar yara a titi. Watanni kaɗan bayan haka, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Malamin da ya ga wannan da idonsa, in ka zo ka ce ya ba ka adadin yaransa da garuruwansu, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ƙidayar kwashewa ce.

To yaya za ka yi? Ka je tare da wanda malam ya sani, mai unguwa ko limamin masallacin da yake salla. Kada ka je lokacin karatun safe ko na dare. Ranar Alhamis ta fi, tunda ba karatu. Ka gaisa yadda ya kamata, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da unguwarku. Sannan ka faɗi abu 3 a fili: ba gwamnati ce ta aiko ka ba, ba ka zo da alƙawarin kuɗi ba, kuma ba za ka ɗauki hoton kowa ba. In kuwa wata hukuma ko ƙungiya ce ta aiko ka, to ka faɗi haka, kada ka ɓoye. Daga nan sai ka tambaye shi: "Allah ya gafarta Malam, a sha'anin lafiyar yaran nan, me ya fi hana ka barci?" Malam ya fi ka sanin yaransa. Abin da ya ambata da bakinsa, da shi za ka fara, ko da kai wani abin ka hango.

Kada kuma ka manta da gardawa. A makarantu da yawa gardi ne ke tayar da ƙolo da asuba, shi ke biya masa karatu, shi ke riƙe da bulala. In gardawa suka ɗauke ka maƙiyi, izinin malam kaɗai ba zai buɗe maka bakin yara ba.

KA FARA DUBA WURI, BA YARO BA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani jagora a 2011 kan taimakon farko ga wanda ke cikin damuwa, ta gina shi a kan matakai 3: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai sami taimako. Jerin yana da hikima. Dubawa ce farko, kuma ita ba ta buƙatar yaro ya ce komai.

A ziyarar farko abu 3 kawai za ka auna: makwanci, ruwa da banɗaki. Masu aikin agaji a sansanonin gudun hijira suna da mafi ƙarancin ma'auni da suke aiki da shi: murabba'in mita 3 da rabi na wurin zama ga mutum ɗaya, lita 15 ta ruwa a yini, da banɗaki ɗaya ga mutum 20. Wannan fa na masu gudun hijira ne, ba na jin daɗi ba. Ɗakinmu na ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi murabba'in mita 13 ne da ɗan kai, ka ga a wannan lissafi na mutum 4 ne. In yara 18 ke kwana a ciki, ko murabba'in mita ɗaya ba wanda ya samu. Ba don ka je ka kunyata malam nake ba ka lissafin nan ba. Don ka san abin da za ka tarar a jikin yaran ne. Inda fata ke gogar fata duk dare, ƙazuwa za ta zaga kowa. Inda ba taga, tari da sanƙarau da mashaƙo sun sami hanya, kuma mun ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a jihar Kano a 2023.

Ka tambayi inda suke wanka da wanki. Wannan tambaya tana da nauyi a yankinmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ga Ruwan Kanya, ga magudanan noman rani, ga kududdufai da damina, yaranmu suna rayuwa kusa da ruwan da ba ya gudu sosai. A irin wannan ruwa ne ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya suke zama, tsutsar kuma ta fata take shiga in yaro ya yi iyo ko wanki.

ABIN DA IDO KE GANI A JIKIN YARO

Kai ba likita ba ne. Aikinka ka gane wa za a kai asibiti yau, wa za a kai cikin makon nan. Ba ka tuɓe yaro, ba ka shiga ɗaki da shi. Hannu, ido, kai da ƙafa sun ishe ka, kuma duk a fili suke.

Ka dubi tsakanin yatsun hannu da wuyan hannu. Ƙananan ƙuraje da sawun susa, da ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, ƙazuwa ke nan. Ka dubi tafin hannu da cikin fatar ido ta ƙasa: in sun yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. Ka dubi kai ko akwai makero, inda gashi ya zube ya bar da'ira mai fari-fari. Ka dubi ƙafa, domin mai yawo ba takalmi ba ya rabuwa da gyambo. In ƙafafu sun kumbura, ka nemi izininsa ka danna bayan ƙafa biyun da babban yatsa, ka ƙirga 3 a hankali, ka ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, wannan na asibiti ne yau, ko yunwa ce ta yi tsanani ko ƙoda ce ko wani abin daban. Tsinken awon damtse da kuke gani a wajen masu tamowa, iyakokin launinsa na yara ne 'yan wata 6 zuwa shekara 5, kada ka auna ɗan shekara 10 da shi ka ce lafiyarsa ƙalau.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wahalar haɗiya, jijjiga, numfashi da ƙyar, da gudawa kamar ruwa har idanu su faɗa. Wannan sai Babban Asibitin Rano ko asibiti mafi kusa, a lokacin. Tarin da ya wuce mako 2, musamman da rama da gumin dare, a kai a yi gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.

YADDA AKE MAGANA DA YARO

Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808 bayan hijira, ya keɓe fasali a Muƙaddima kan illar tsananta wa ɗalibai. Ma'anar abin da ya bayyana ita ce yaron da aka rena da tsoro yakan koyi ƙarya da ɓoye abin da ke zuciyarsa don ya tsira daga hannun da ke kansa. Ka riƙe wannan. In yaro ya gaya maka abin da ba haka ba a haɗuwar farko, ba lalacewa ba ce, garkuwa ce. Ya koyi cewa babba in ya yi tambaya, ko duka ne zai biyo baya ko sadaka. Don haka zai ba ka amsar da za ta kare shi daga duka, ko wadda za ta ƙara masa sadaka. Aikinka ka nuna masa kai ba ɗaya daga cikin biyun ba ne.

Sunnar Annabi (SAW) ta koya mana hanyar. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa an kawo wa Annabi abin sha, ga yaro a damansa, ga dattawa a hagunsa. Sai ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawa, yaron ya ƙi, Annabi kuma ya miƙa masa. Ka ga abu biyu: an nemi izinin yaro, kuma da ya ƙi an girmama ƙinsa. Haka nan ƙissar ƙanin Anas, Abu Umair, wanda Annabi yake tsokanarsa yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsunsa. Ta abin da ya dami yaron aka shiga, ba ta abin da ya dami babba ba.

A aikace, ka zauna a tabarma ko dakali yadda kanku zai zo daidai, a gefensa ba gaba da gaba ba, domin yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya kallon babba cikin ido. Ku zauna inda kowa ke ganinku amma ba a jin maganarku, kamar gindin bishiya a filin makaranta. Kada ka taɓa keɓewa da yaro a ɗaki ko cikin mota. Wannan kariya ce gare shi, kariya ce ga mutuncinka. Ka ajiye waya da biro. Ka tambayi sunansa na yanka ka riƙa kiransa da shi, domin da yawa an daɗe ana kiransu da sunan garinsu ko da "kai almajiri". Ka gaya masa yana da damar ya ƙi amsawa, yana da damar ya tashi. Minti 10 zuwa 15 sun isa.

Siffar tambaya ita ce rabin aikin. Kada ka ce "kana ƙoshi?" zai ce e. Ka ce "ba ni labarin jiya, daga tashinka da asuba." Daga nan za ka ji sau nawa ya ci, a ina ya samu, ko yana da uwar ɗaki da yake yi wa aike da shara, ko bara ce kaɗai. Kada ka ce "ana dukanka ko?" Wannan ka sa masa amsa a baki. Ka ce "in yaro bai iya allonsa ba, me ake yi?" Yaro ya fi sakin jiki in maganar a kan "yara" ce ba a kansa ba. Ka tambayi yaushe rabonsa da gida, da wa ya fi kewa. Ka tambayi wa yake gaya wa in ba shi da lafiya. Yaron da ya ce ba kowa, shi za ka fi sa wa ido. Kuma kada ka nuna masa tausayi mai kama da raini. Hannah Hoechner, wadda ta yi bincike tsakanin almajirai a birnin Kano da Albasu ta fitar da littafi a 2018, ta nuna yadda wulaƙanci da kallon raini suke yi musu ciwo ƙwarai, da yadda suke riƙe mutuncinsu a matsayin masu neman ilimi. Wanda ya shiga da "wayyo, bayin Allah" ya rufe ƙofa da kansa.

MU YI AIKI DA MISALI

A ce ga makaranta a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, yara 60, ɗaki 3 da zaure, masai ɗaya, rijiya a nesa, kududdufi a kusa. Mutum biyu daga kwamitin masallaci za su yi aikin.

Alhamis ta farko, gaisuwa ce da dubawa. Malam ya ce abin da ya dame shi susa ce, yara ba sa barci. Lissafi ya nuna yara 60 suna buƙatar lita 900 a yini, jarka 36 ke nan mai lita 25, su kuwa abin da suke ɗebowa bai kai rabi ba. Nan ka gane dalilin zuwa kududdufi. Ba a yi magana da yaro ko ɗaya ba, ban da sallama.

Alhamis ta biyu aka dawo a lokacin da aka ce za a dawo. Wannan kaɗai ya fara aiki, domin yaran sun saba da masu cewa za su dawo. Aka zo da ma'aikacin lafiya daga asibitin mazaɓa, da yardar malam. Ya duba hannaye a fili, ya tabbatar ƙazuwa ce. A nan ne mutane suka fi kuskure: su shafa wa waɗanda suka fi susa magani su bar saura. Bayan 'yan makonni ta dawo, malam ya ce maganin banza ne, amincewa ta zube. Ƙazuwa ana yi wa duk masu kwana tare magani ne a rana ɗaya, har gardawa, har wanda bai fara susa ba. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓi maganin da yadda za a sirka shi ga ƙanana. A ranar a wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda aƙalla kwana 3. Kuma a gaya wa malam tun farko cewa ƙaiƙayi yakan ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan magani ya yi aiki, don kada ya ɗauka an yaudare shi.

Alhamis ta uku, yara sun fara barci, sun fara zuwa gaisuwa da kansu. Akwai wani ƙolo ɗan kimanin shekara 9 da aka lura tafin hannunsa fari ne, kullum yana rakuɓe. Ɗaya daga cikin mutum biyun ya zauna kusa da shi a gindin bishiya, ɗayan yana hira da malam yana hango su.

"Malam ƙarami, ina aka kai a allo?"

Ya faɗi surarsa. Aka ce ya ɗan ja, ya ja, aka ce madalla.

"In kun je kududdufi, kai ma kana shiga?"

"Ina shiga, Malam."

"Na ji an ce wasu yaran in sun yi fitsari sukan ga ja a ƙarshe. A nan ma ana samu?"

Ya yi shiru. Ba a matsa ba. Can ya ce: "Ni ma ina yi. An ce girma ne."

Wannan magana ta "girma ne" ta yaɗu a ƙasar Hausa, har wasu manya suna ɗauka alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da ke shiga irin wannan ruwa, mafi yawa tsargiya ce, tana rage jini, in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Gwajin fitsari ne a asibiti, maganinta kuma firazikwantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyi ko tsayin yaro, bayan ya ci abinci. Sai aka ce masa: "Wannan ciwo ne, yana da magani, ba laifinka ba ne. Ka yarda in gaya wa Malam don a kai ka asibiti?" Ya ɗaga kai. Da aka je wurin malam ba a tsaya kan yaro ɗaya ba, aka ce a duba duk masu shiga ruwan, domin inda aka sami ɗaya akwai saura. Kuma aka faɗi iyakar maganin: yana kashe tsutsar da ke jiki, ba ya hana sabuwa shiga. In ba a gyara zancen ruwa ba, baɗi ma sai an sake.

Sai a Alhamis ta huɗu aka kawo zancen rajista, kuma littafin a hannun malam zai zauna: sunan yaro, sunan uba, gari da unguwa, sunan mai unguwarsu, lambar waya biyu, da ranar da aka kawo shi. Wanda ya ga yadda aka sha wahalar gano iyayen wasu yara a 2020 ya san amfanin wannan. Ka lura, abin da mai gaggawa yake farawa da shi, shi muka ajiye ƙarshe.

IN YARO YA FAƊI ABU MAI NAUYI

Wata rana yaro zai gaya maka abin da ya fi tsargiya: dukan da ya fasa jiki, ɗauri da mari, ko wani babba yana lalata da shi, a makaranta ko a gidan da yake aiki ko a tasha. Yadda ka yi a minti na farko shi zai sa ya ci gaba ko ya yi shiru har abada.

Kada ka zabura, kada ka yi salati da ƙarfi, kada ka ce "ka tabbata?" ko "me ya sa ba ka faɗa ba tuntuni?" Ka bar shi ya faɗa da kalmominsa. Ka ce ya kyauta da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Kada ka yi ta tono dalla-dalla, wannan aikin masu bincike ne, kuma yawan maimaitawa yana wahalar da yaro yana rikita shaida. Bayan kun rabu ka rubuta abin da ya ce yadda ya ce shi, da rana da lokaci.

Kada ka taɓa yi masa alƙawarin ba za ka gaya wa kowa ba. Tun farkon sabawa ka sanar da shi: maganarmu tsakaninmu ce, sai dai in wani yana cutar da kai, to zan gaya wa wanda zai iya hanawa, kuma zan sanar da kai kafin in faɗa. Suturta Musulmi da shari'a ta kwaɗaitar ba ta shafi barin yaro a hannun mai cutar da shi ba.

Kada ka je ka tunkari wanda ake zargi alhali yaron zai kwana kusa da shi a daren. A fara raba yaron da wurin, a sanar da iyayensa. In lalata ce, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano da aka keɓe don irin wannan. Sannan a sanar da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma da 'yan sanda. Jihar Kano tana da dokar kare yara tun watan Mayu na 2023. Irin wannan ba a kashe shi da sulhu a zauren mai unguwa. A nan ne kuma ƙa'idar bi ta wurin malam take tsayawa: in shi ake zargi, ba ta wurinsa za a bi ba.

Game da duka, in za ka yi wa malam ko gardi nasiha, ka yi masa da littafin da yake girmamawa. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, malamin Malikiyya da ya rasu a 256 bayan hijira, a littafinsa na ladubban malamai ya iyakance horo a kan karatu ga bulala 3 sai da izinin uba, ya kuma hana dukan fuska da kai. Wanda ya fasa bayan yaro da dorina ya saɓa wa mazhabarsa tun kafin ya saɓa wa dokar gwamnati.

YAYA ZA KA SAN AN YARDA DA KAI?

Ba da murmushi ake ganewa ba, ba kuma da yara su kewaye ka ba, wannan mai rabon alewa ma yana samu. Shi ya sa ba a haɗa tambaya da kyauta. In za a ba da abinci ko sabulu, a ba kowa, ta hannun malam, a wani lokaci daban. Ranar da yaro ya gane labari mai ban tausayi yana jawo naira 200, ka daina jin gaskiya.

Alamomin amincewa su ne: yaro ya gyara maganar da ya gaya maka a baya, ya ce "wancan da na ce babana ya rasu, yana nan." Kada ka ce masa ashe ƙarya ka yi, ka ce na gode da ka gaya mini. Ko ya ce maka "a'a, ba na so," domin mai tsoro ba ya cewa a'a. Ko ya jawo hannun abokinsa ya ce ka duba ƙafar wannan. A wajen malam kuwa, alamar ita ce ya kira ka da kansa in yaro ya kwanta.

Abin da ke rusa ta kuma sananne ne: alƙawarin da ba a cika ba, hoton yaro da ƙurajensa a Fesbuk, da maganar da ya gaya maka a gindin bishiya ya ji ta a bakin gardi. Don haka kafin ku fara, ku zaɓi makaranta ɗaya, ku zama mutum biyu, ku sami ma'aikacin lafiya ɗaya da zai amsa kiranku, ku kuma tabbatar za ku iya zuwa Alhamis huɗu a jere. Wanda ba zai iya komawa ba, gara ya ba masu komawa gudummawarsa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba malamanmu ikon riƙe amanar da aka damƙa musu. Wallahu a'alam.